Sakan arba'in da sakan ɗaya: yadda jadawalin makin gasar wasanni goma ke fifita mai gudun walƙiya

Da sanyin safiyar wata Asabar ta hunturu muka yi ɗan gwaji a wani fili a Samaru. Cikin samarin da suka zo akwai wani siririn yaro da kullum ake ganinsa yana gudu a hanyar Shika tun kafin rana ta fito, sai wani ƙaƙƙarfa da ya taso daga ƙwallon ƙafa. Wasa huɗu kawai muka iya yi, don iyakar kayan da muke da su ke nan: gudun mita 100, dogon tsalle, mita 400, da mita 1500. A na ƙarshen, siririn nan ya ba abokinsa ratar kusan rabin fili. Da na haɗa maki, ƙaƙƙarfan ne a sama. Yaron ya zo ya tsaya a kaina, gumi na ɗiga a kan takardar, ya ce, "Malam, na ba shi sakan arba'in. Shi ko sakan ɗaya bai ba ni ba a mita ɗari. Ta yaya ya fi ni?"

Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin jadawalin da ake juya lokaci da tazara zuwa maki a gasar wasanni goma ta maza, wato dikatalon, da ta wasanni bakwai ta mata, wato heftatalon. Jadawalin da ake aiki da shi yau ya fara aiki ne a 1985, kuma duk wani maki da ke cikinsa daga ƙa'ida biyu yake fitowa, ɗaya ta gudu, ɗaya ta tsalle da jifa:

```
gudu:          maki = INT(A * (B - T)^C)
tsalle/jifa:   maki = INT(A * (M - B)^C)
```

T lokacin da mutum ya yi ne a sakan, M kuma tazarar da ya yi. INT na nufin a yar da duk abin da ya biyo bayan ɗigo. Wanda lissafi ya ba shi 861.9, 861 zai tafi da shi. B ita ce ƙasan rijiya, inda maki ke zama sifili: sakan 18 a mita 100, mita ɗaya da rabi a jifan dalma, minti takwas a mita 1500. A tana faɗin yawan makin da ake biya. Ita kuwa C, ƙaramar lambar da ke sama, ita ce nake so mu zauna a kanta, domin ita ke yanke hukuncin ko ladan zai riƙa ƙaruwa yayin da mutum ke ƙara ƙwarewa, ko zai tsaya wuri ɗaya.

A gudun mita 100 na maza, A ita ce 25.4347, B 18, C kuma 1.81. Wanda ya yi sakan 11.00, sai a cire daga 18 a samu 7, a ɗaga 7 zuwa 1.81 a kalkuleta, a ninka da A, a samu maki 861. A jifan dalma C ba ta wuce 1.05 ba, a mashi 1.08, a faifai 1.1. Lambar da ke dab da 1 tana nufin layi kusan miƙaƙƙe. Mai jifan dalma da ya tashi daga mita 10 zuwa 11 zai ƙaru da maki 60. Wanda ya tashi daga mita 15 zuwa 16, aikin da kan ci wa mutum shekaru, zai ƙaru da 61. Maki ɗaya tak ne tukuicin wahalar. A mita 100 kuwa, rage kashi ɗaya cikin goma na sakan yana ba da maki 20 ga mai 12.00, yana ba da 24 ga mai 10.50. A tsalle da sanda bambancin ya fi fitowa fili: daga mita 3 zuwa 4 maki 260 ne, daga 4 zuwa 5 kuma 293. Wato a gudu da tsalle, jadawalin ya yarda cewa hawan na ƙara tsauri a sama, yana kuma ƙara kuɗin aiki. A jifa bai yarda ba.

To amma wannan ba shi ne ya kayar da yaron Shika ba. Abin da ya kayar da shi ya fi sauƙin gani. Bari in kawo alƙaluman ranar, na ɗan daidaita su don lissafi ya zo da sauƙi. A mita 1500 ya yi 4:20, maki 812. Abokinsa ya yi minti biyar cif, maki 560. Riba 252. A mita 100 abokin ya yi 11.20, shi 12.00: 817 da 651, an ci masa 166. A dogon tsalle, 6.50 da 6.00: 697 da 587, an sake cin 110. A mita 400, sakan 51 da 52: 769 da 725, ƙarin 44. Jimillar abin da aka ci masa 320. Juriyarsa an biya ta sau ɗaya. Saurin abokinsa an biya shi sau uku, domin ƙafar da ke cinye mita ɗari ita ce ke kai mutum allon tsalle da ƙarfi, ita ce kuma ke ɗauke da shi a rabin farko na mita 400. A cikakkiyar gasa sai a ƙara gudun tsallake shinge na mita 110 da tsalle da sanda, waɗanda su ma sauri ne jarinsu. Baiwa ɗaya, rumfa biyar a kasuwa. Mai dogon numfashi rumfarsa ɗaya ce, ita ma sai da yammacin rana ta biyu ake buɗe ta, bayan wasa tara sun gama tatse shi.

Hanya mafi sauƙi ta ganin son kan jadawalin ita ce a tambayi abin da ake buƙata kafin a samu maki dubu a kowane wasa. A mita 100, wajen sakan 10.39. A dogon tsalle, mita 7.76. A gudun shinge, 13.80. Manyan 'yan wasanni goma suna kai waɗannan a kai a kai. A jifan dalma sai mita 18.40 da ƙarfe mai kilo 7.26, a faifai 56.17, a mashi 77.19, a mita 1500 kuma 3:53.79. Waɗannan sai a daɗe ba a ga wanda ya taɓa su ba a cikin wannan gasa, musamman dalma da 1500.

Dubi tarihin duniya da Kevin Mayer na Faransa ya kafa a garin Talence a Satumbar 2018, maki 9,126. Wasa uku ne suka ba shi sama da dubu: tsalle da sanda 1,051, dogon tsalle 1,010, gudun shinge 1,007. Mita 100 ta ba shi 963. Mayer gwani ne a jifa idan aka kwatanta da takwarorinsa, ya jefa dalma mita 16.00 a ranar, amma 851 ya samu. Mita 1500 da ya yi a 4:36.11 ta ba shi 705. Tsakanin wasan da ya fi ba shi da wanda ya fi hana shi akwai maki 346, kuma wannan mutum ne mai daidaito sosai, har makinsa na ranar farko da na ta biyu suka zo daidai, 4,563 kowacce.

A nan ne mutane da yawa ke yanke hukunci da wuri, su ce jadawalin ya raina jifa. Maganar ba ta kai haka sauƙi ba. Ɗauki tarihin duniya na kowane wasa ka saka a ƙa'idar. Sakan 9.58 na Usain Bolt maki 1,202 ne. Mita 23.56 na Ryan Crouser a dalma 1,323 ne. Mita 98.48 na Jan Železný a mashi 1,331. Ashe a can ƙololuwa jifa ya fi gudu tsada. Matsalar ita ce jikin da zai kai can. Mai jifan dalma na gaske yakan yi nauyin da ya haura kilo 120, kuma ba za ka ɗora wannan jiki a kan sanda ka ce ya haura mita biyar ba, balle ya zaga fili kusan sau huɗu a ƙarshe. Ɗan wasanni goma dole ya tsaya a jikin da ke iya gudu da tashi sama, kuma wannan jiki ya fi kusa da na Bolt a kan na Crouser. Damian Warner na Kanada ya yi mita 100 a sakan 10.12 a gasar Olamfik ta Tokyo, kusan rabin sakan ke nan tsakaninsa da Bolt. Mita 16 na Mayer kuwa, saura mita bakwai da rabi ya kamo Crouser. Makin jifa suna nan a rataye, amma a reshen da hannun waɗannan mutane ba ya kaiwa. Haka 1500: sakan 3:26.00 na Hicham El Guerrouj maki 1,218 ne, sai dai mai tsokar jifa da gudun walƙiya ba zai kusanci wurin ba ko da wasa.

A ɓangaren mata abin ya fi tsanani, a ganina. Cikin wasa bakwai, uku na sauri ne zalla: gudun shinge na mita 100, mita 200, da dogon tsalle. Maki dubu a gudun shinge yana buƙatar sakan 13.85 kawai, wanda manyan 'yan gasar ke wucewa ba tare da an yi ta maganarsa ba. Maki dubu a dalma yana buƙatar mita 17.07, a mashi 57.18. Tarihin Jackie Joyner-Kersee na maki 7,291, wanda ta kafa a Seoul a 1988 kuma har yau yana tsaye, ya nuna hoton sarai: dogon tsalle na mita 7.27 ya ba ta 1,264, gudun shinge 1,172, mita 200 ta ba ta 1,123, mashi kuma 776. Kusan maki ɗari biyar tsakanin dogon tsalle da mashi. Don mai karatu ya samu ma'auni na gida: sakan 12.12 da Tobi Amusan ta yi a gudun shinge a 2022 zai ba da maki 1,261 a wannan jadawali, tsallen mita 7.12 da ya ba Chioma Ajunwa zinare a Atlanta a 1996 kuma 1,213. Irin baiwar da ƙasar nan ta fi fitarwa ita ce wadda jadawalin mata ya fi saya da tsada, kuma yana ba ni takaici yadda ba ma kallon gasar ta wannan fuska.

Akwai wani abu kuma da ya ƙara danne mashi. An sauya ƙirar mashin maza a 1986, na mata a 1999, aka matsar da tsakiyar nauyinsa gaba don ya riƙa saukowa da wuri ya soki ƙasa. Tazara ta ragu. Jadawalin bai motsa ba. Ana jifa da sabon mashi, ana awo da mudun tsohon.

Duk da haka ba a rufe ƙofa ga marar gudun walƙiya ba. Nafissatou Thiam ta Beljiyam ta ci zinaren Olamfik sau uku a jere ba tare da ta zama mafi sauri a cikin abokan karawarta ba. Tsallen sama ne da jifa suka riƙe ta. A Rio a 2016 ta haura mita 1.98, maki 1,211, tsayin da ya ma fi wanda aka ci zinare da shi a gasar tsallen sama ta mata zalla a wannan Olamfik ɗin. Darasin da ke cikin nasararta shi ne, abin da ke ba da nasara ba yawan makin da wasa ke bayarwa ga kowa ba ne, ratar da yake buɗewa tsakanin mutane ce. Idan kowa na samun dubu da 'yan kai a gudun shinge, to babu wanda ya tsere wa wani sosai a wurin. Amma a mashi wata na iya jefa mita 55, wata 42, kuma wannan rata ta haura maki ɗari biyu. Wasa na iya zama mai rowa a jimilla, ya kuma zama shi ne ke raba gardama.

Ba daga sama jadawalin ya faɗo ba, mutane ne suka zauna suka tsara shi, kuma sun sha sauya shi. Na 1912, shekarar da Jim Thorpe ya yi nasara a Stockholm, miƙaƙƙen layi ne. Na shekarun 1950 ya yi lanƙwasa mai tsanani, yana zuba maki ga duk wanda ya yi fice a wasa ɗaya. Da sandar tsalle mai lanƙwasuwa ta shigo, Yang Chuan-kwang na Taiwan ya tara maki 9,121 a 1963, kaso mai yawa daga tsalle da sanda. Daga baya aka fara aiki da jadawalin da aka tsara a 1962, Yang ya je Olamfik ta Tokyo a 1964 ya ƙare na biyar. Makin nan nasa a ma'aunin yau dubu takwas ne da 'yan kai. Daley Thompson na Birtaniya da Jürgen Hingsen na Jamus ta Yamma kuma sun taɓa yin kunnen doki a tarihin duniya da maki 8,798. Da jadawalin 1985 ya zo aka sake lissafi, na Thompson ya koma 8,847, na Hingsen 8,832. Babu wanda ya sake gudu ko jifa, amma tarihin ya zama na mutum ɗaya.

Yanzu ga inda maganar ta shafi koci a Zariya. Mu ƙaddara yana da saurayi mai 11.50 a mita 100, 6.50 a dogon tsalle, 52 a mita 400, 16.00 a shinge, yana jefa dalma mita 10, faifai 30, mashi 45. Shekara ɗaya gare shi, kuma lokaci ba zai isa komai ba. Idan ya zuba ta a sauri, yaron ya sauko 11.20, ya kai 6.75, ya yi 51, ya yi 15.50, ribar ita ce 64 da 58 da 44 da 57, jimilla 223. Idan ya zuba ta a ɗaga ƙarfe da jifa, dalma ta kai 11, faifai 33, mashi 49, ribar 60 da 60 da 59 ce, jimilla 179, kuma idan yaron ya ƙara nauyi yana iya biyan wani abu daga ciki a tsallen sama da 1500. Waɗannan ci-gaban ƙiyasina ne, kowane koci ya sa nasa gwargwadon yaron da ke gabansa. Abin da nake so a ɗauka shi ne hanyar: kada a tambayi wane wasa ne yaro ya fi rauni a ciki, a tambayi maki nawa wata uku na horo za su saya a kowane wasa.

Idan aka yi wannan tambaya da gaskiya, amsar sabon shiga takan ba da mamaki. Sauri yana da tsada a jadawali, amma yana da taurin kai a jiki. Rage kashi uku cikin goma na sakan a shekara ɗaya babban aiki ne. Yaron da bai taɓa koyon juyawa a da'irar faifai ba yana iya ƙara mita biyar daga gyaran ƙafa kawai, kuma kowace mita maki ashirin ce. Mafi arhar maki duka suna cikin tsalle da sanda: daga mita 3 zuwa 4, maki 260, fiye da duk abin da shekarar saurin nan ta kawo. Nan ne kuma muke da ciwo, domin sanda da katifar sauka ba kayan da ake samu a kowane fili ba ne, kuma ba wasa ne da za a gwada a kan yashi ba, mutum na iya karya wuya. Wanda bai haura komai ba sifili zai samu, ramin da sauran wasa tara ba za su cike ba. Saboda haka idan saurayi ya nuna alamar zai iya wasanni goma, tafiya inda akwai katifa ta fi masa amfani a kan ƙarin wata shida na gudu a gida.

Kafin kowa ya ɗauki kalkuleta, akwai kurakurai biyu da ke ɓata lissafi. Na farko na ma'auni ne: tsalle-tsalle ana saka su a santimita, jifa a mita, gudun mita 1500 na maza da 800 na mata a sakan. Wanda ya saka 6.50 maimakon 650 a dogon tsalle, kalkuleta za ta ƙi shi, domin B a wurin 220 ce. Na biyu ya fi haɗari don ba ya nuna kansa. Jadawalin an gina shi ne a kan agogon lantarki, mu kuwa yawanci agogon hannu muke latsawa, kuma yatsa yakan makara wajen farawa bayan ƙarar bindiga. Ƙa'ida ita ce a ƙara 0.24 a mita 100 da gudun shinge, a ƙara 0.14 a mita 400, ba a ƙara komai a 1500. Na taɓa mantawa da wannan, na gaya wa wani yaro cewa 11.0 ɗinsa maki 861 ne, alhali 11.24 ne, maki 808. Ya riƙe lambar nan wata da watanni yana gina buri a kanta, kuma ranar da na gyara masa ban ji daɗin fuskarsa ba. Lura kuma da inda kuskuren ke faɗawa: a wasannin sauri kaɗai. Agogon hannu marar gyara yana ƙara wa wanda jadawali ya riga ya fifita sama da maki hamsin a mita 100, mai dogon gudu kuma ba ya samun ko ɗaya.

Shi yaron hanyar Shika, na zaunar da shi a kan benci muka bi lissafin layi-layi har ya gani da idonsa. A yankin da yake, kowane sakan ɗaya a 1500 maki shida ne zuwa bakwai. Ko da ya sauko daga 4:20 zuwa 4:10, wanda ba ƙaramin aiki ba ne, 69 kawai zai ƙara. Na ce masa, "Ɗana, ƙafarka ta dogon zango ce, wannan jadawali kuma ba don irinka aka rubuta shi ba. A gasar mita 1500 ko 5000 babu wanda zai juya maka sakan zuwa maki, wanda ya riga isa shi ya ci." Ya yi shiru yana kallon takardar, sannan ya tambaye ni zagaye nawa ne mita 5000. Na ce goma sha biyu da rabi. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalminsa.